Fassara maƙalar bincike daga Larabci zuwa Turanci: tambayoyin ɗalibanmu na Madina da Makka

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta maimaituwa daga 'yan'uwa masu digiri na biyu da na uku a Jami'ar Musulunci ta Madina da Ummul Ƙura ta Makka, da wasu da ke Riyad da Jidda. Galibinsu a fannin hadisi da fiƙihu suke, wasu kuma a fannin tarbiyya. Don kada bayani ya warwatse, zan riƙe misali guda daga farko zuwa ƙarshe. A ɗauka wani ɗalibi ya rubuta maƙala da Larabci a kan hadisan da Imamu Tirmizi ya ce musu "hasan garib" a Kitabul Buyu'i, yana so ta fito da Turanci, ko da kansa zai fassara ko wani ɗan'uwa ne zai fassara masa.

Malam, mujallar ta Larabci ce, me ya sa take neman Turanci kuma?

Saboda rumbunan da suke tattara maƙalun duniya. Scopus, alal misali, yana sharɗanta wa mujalla cewa taken kowace maƙala da tsakurenta su kasance da Turanci, manazarta kuma da haruffan boko, ko da jikin maƙalar da wani harshe aka rubuta shi. Mujallun jami'o'in Saudiyya da yawa suna son shiga irin waɗannan rumbuna, shi ya sa za ka ga sun buƙaci tsakure biyu da jerin manazarta biyu, na Larabci da wanda aka mayar boko, abin da suke kira raumana. To aikin iri biyu ne. Wani tsakure da manazarta kawai zai fassara, wani kuma maƙalar gaba ɗayanta. Abin da zan faɗa ya shafi duka biyun.

Ta ina ake farawa?

Ba ta shafin farko ba. Abu na farko, ka sauko da ƙa'idojin mujallar da za a tura wa, ka sauko da maƙala biyu ko uku da ta buga kwanan nan a fannin, ka ga abin da take yi a aikace. A nan za ka san adadin kalmomin tsakure, da tsarin madogara, da tsarin mayar da Larabci boko.

Abu na biyu, ka karanta maƙalar sau ɗaya ba tare da ka fassara komai ba, kana fitar da keɓaɓɓun kalmomin fanni a takarda daban. Ka zauna da marubucin, ku yanke abin da kowace kalma za ta zama. Sai ka yi manazarta, sai jikin maƙala, sai tsakure da take a ƙarshe. Tsakure yana zuwa ƙarshe ne domin kowace kalma da ke cikinsa dole ta zo daidai da yadda ta zo a jiki. Wanda ya fara da tsakure yakan zaɓi kalma a ranar farko, ya canza ta a shafi na goma bayan ya fahimci batun, ya manta bai koma ya gyara ba.

Tsakurena na Larabci kalma 340 ne, mujallar kuma ta ce kada a wuce 250. Yaya zan yi?

Ka fara sanin cewa idan ka fassara shi yadda yake, ba 340 zai tsaya ba, zai ƙaru. Larabci yana manna haruffa da lamirai a jikin kalma. "Wa bi kitabihi" a rubutun Larabci kalma ɗaya ce, a Hausa "kuma da littafinsa" uku ce, a Turanci huɗu. Don haka ragewa ba zaɓi ba ne.

Mu duba tsakuren ɗalibinmu. Ya buɗe da hamdala da salati, layi biyu. Ya biyo da layi uku a kan matsayin Sunna da darajar Imamu Tirmizi. Sannan ya ce bincike ya ƙunshi gabatarwa da shimfiɗa da babi biyu da kammalawa, ya jero taken kowane babi. Ya ce ya bi manhajin istiƙra'i da tahalili. Ya rufe da cewa mai bincike ya kai ga sakamako masu muhimmanci da shawarwari. Wannan tsari sananne ne a rubutunmu na Larabci, amma mai karanta tsakuren Turanci abu huɗu yake nema: wace tambaya aka yi, da me aka yi aiki kuma ta wace hanya, me aka gano, me hakan yake nufi ga fannin. Tsakuren ɗalibinmu ya amsa na biyu rabi da rabi, bai taɓa na uku da na huɗu ba.

Hamdala da salati suna nan a tsakuren Larabci da gabatarwa idan mujallar ta saba da hakan, amma ba a sa su a tsakuren Turanci. Yabon Tirmizi ya fita. Jerin babuka ya fita, domin mai karatu zai gan su da idonsa idan ya buɗe maƙalar. Wurin da aka samu sai a cike shi da abin da babu: hadisai nawa aka bi, a wane bugu, kuma me aka samu. A ce hadisai goma sha takwas ne, an samu goma sha ɗaya suna da wata hanya da take ƙarfafa su, bakwai ba su da ita. Wannan jimlar ita ce zuciyar tsakuren, ita ce take sa wani mai bincike a wata ƙasa ya sauko da maƙalar.

Sai dai a nan akwai iyaka. Mai fassara ba ya ƙirƙiro sakamako ya sa a tsakure, ko da ya gan shi ƙarara a kammalawa. Ka ɗauko shi daga kammalawar, ka nuna wa marubuci, ya amince, sannan a gyara tsakuren Larabcin shi ma ya zo daidai. Mujallar da take buga tsakure biyu tana sa ran magana ɗaya suke yi. Idan na Larabci ya ce "sakamako masu muhimmanci", na Turanci kuma ya kawo alƙaluma, mai tantancewa da ya iya harsunan biyu zai mayar da aikin.

Tsarin APA, wanda bugunsa na bakwai ya fito a 2019, yana son tsakure sakin layi ɗaya, galibi bai wuce kalma 250 ba. Ba a saba sa madogara ko hashiya a cikinsa ba. Wasu mujallu, musamman na likitanci da wasu na tarbiyya, suna raba shi da ƙananan kanu: manufa, hanya, sakamako, kammalawa. Idan haka mujallar take yi, ka bi kanunta da jerinta. Muhimman kalmomin da ke ƙasan tsakure kuwa, ka zaɓe su da tunanin mai nema. Wanda yake neman wannan batu da Turanci sunan Tirmizi da kalmar hasan da kalmar garib zai rubuta da boko, don haka su za a sa, a bar fassararsu.

Sunayen littattafai a manazarta, fassarawa ake yi ko mayarwa boko?

Mayarwa boko ake yi. Amfanin madogara guda ne: mai karatu ya tashi ya je ya samo littafin, ya buɗe shafin. Idan ka fassara Fat'hul Bari zuwa wani take na Turanci ka tsaya nan, babu ɗakin karatun da zai same shi, domin babu littafi mai wannan suna. APA yana cewa a kawo taken asali, idan ba da boko aka rubuta shi ba a mayar da shi boko, sannan a sa fassararsa a baka mai kusurwa. Ga yadda ɗalibinmu ya rubuta a hashiya, da yadda za ta koma:

```
ابن حجر، فتح الباري، دار المعرفة، بيروت، 1379هـ، 4/301

Ibn Ḥajar al-ʿAsqalānī, A. (1379 AH). Fatḥ al-Bārī.
Dār al-Maʿrifah.
```

Juzu'i da shafi, wato 4 da 301, sun bar jerin manazarta sun koma cikin jikin maƙala inda aka kawo maganar. Sunan gari ya fita domin bugun APA na bakwai ya daina neman garin maɗaba'a, amma a tsarin hashiya da mujallun addini da yawa suke bi ana barinsa. A tsofaffin littattafan da kowa a fannin ya san su da sunansu, mujallu da yawa ba sa damuwa da fassarar take. A maƙalar zamani kuwa fassarar tana da amfani, kuma kada ka yi ta da kanka kafin ka duba, domin yawancin maƙalun mujallun Larabci na yanzu sun riga sun fito da takensu na Turanci a shafin farko. Wannan za ka kwafo, tare da lambar DOI idan akwai, harafi da harafi.

Tsarin mayarwa boko ya kasu. Biyu da aka fi haɗuwa da su su ne ALA-LC, na ɗakunan karatun Amurka, da IJMES, na wata mujallar nazarin Gabas ta Tsakiya. Wurin da za ka gane su da sauri shi ne ta'u marbuɗa a ƙarshen kalma: na farko yana rubuta `Maʿrifah`, na biyu yana rubuta `Maʿrifa`. Duka biyun suna barin `al-` yadda take ko a gaban haruffan shamsiyya, wato `al-Tirmidhī`, ba a narkar da lamun. Kowanne ka ɗauka daidai ne muddin shi mujallar take so. Abin da ake mayar wa mutum da aiki a kansa shi ne gauraye: shafi ɗaya da wannan, shafi na gaba da wancan, na uku kuma da rubutun Hausa, a ga `Tirmizi` a tsakiyar jerin. Mu Hausawa nan muke yawan zamewa, saboda hannunmu ya saba rubuta zalun da zayun duk da z, sa'un da sinun da sadun duk da s.

A kula da gajerun alamomin manazartar Larabci. Harafin ɗa'un yana nufin bugu, dalun da ta'un suna nufin babu shekara. Harafin ta'un shi kaɗai shi ne mai rikitarwa, domin a wani wuri yana nufin shekarar rasuwar marubuci, a wani wuri yana nufin wanda ya yi tahaƙiƙin littafin. Idan lamba ta biyo shi, kamar 852 a bayan sunan Ibnu Hajar, rasuwa ce, kuma kada ta koma shekarar bugu. "Almarji'us sabiƙ", wato madogarar da ta gabata, ba ta da gurbi a APA. Sai ka bi baya ka gano wane littafi ake nufi, ka rubuta sunansa. Idan marubuci ya ƙara hashiya a tsakani bayan ya gama rubutu, "wadda ta gabata" takan koma nuni ga littafin da ba shi ba, kuma mai fassara ne yake fara ganin wannan.

Shekarar Hijira fa, in mayar da ita Miladiyya?

Idan littafin ya buga shekarun biyu a bangonsa, kamar bugun Halabi na biyu na Sunan Tirmizi mai ɗauke da 1395 da 1975, ka ɗauki abin da aka buga. Idan Hijira kawai aka buga, ka bar ta, ka sa mata alamar Hijira, sai ka ƙara Miladiyya idan mujallar ta nema.

Lissafin kusa shi ne:

```
M ≈ (H × 0.97) + 622
```

Shekarar 1422, wadda bugun Daru Ɗauƙin Najati na Sahihul Buhari yake ɗauke da ita, tana ba da 2001 da ɗoriya. Amma shekarar Hijira ta fi ta Miladiyya gajarta da kusan kwana goma sha ɗaya, don haka kusan kullum tana ratsa shekaru biyu. 1422 ta fara a Maris 2001 ta ƙare a Maris 2002. Idan ba a faɗi wata ba, gaskiyar rubutu ita ce 2001/2002. Haka 1379 ta Fat'hul Bari, ta fara a Yuli 1959, don haka 1959/1960 ce. Zaɓar ɗaya daga ciki ba tare da hujja ba ƙirƙirar bayani ne.

Lambar hadisi da ta shafi ai kwafa kawai ake yi, ko?

Kwafa ake yi, amma a nan kuskure ya fi yawa, kuma ba ya ihu. Akwai hanyoyi uku da yake shigowa.

Ta farko lambobin Larabcin gabas ne. Biyar ɗinsu tana kama da sifirinmu, sifirinsu ɗigo ne da yakan ɓace a hoton takarda, shidansu tana kama da bakwai ɗinmu. Ido ya gaji da dare, shafi 65 ya koma 70. Ta biyu ita ce juyawar rubutu. Idan ka kwafo juzu'i da shafi daga rubutun dama zuwa hagu ka manna a rubutun hagu zuwa dama, 4/301 takan fito 301/4. A Fat'hul Bari za ka gane nan take, tunda bugun juzu'i goma sha uku ne. A littafin da lambobin biyu ƙanana ne, kamar 3/12, ba abin da zai nuna maka sai buɗe littafin.

Ta uku ita ce bambancin bugu. Hadisin "innamal a'amalu binniyyat" shi ne na 1 a Buhari, a Muslim kuma na 1907 bisa lambobin Muhammad Fu'ad Abdulbaƙi. Wasu bugunan Muslim suna ƙirga kowace riwaya daban, sai lambarsa ta haura dubu huɗu. Duka lambobin daidai ne a inda suke. Don haka kada ka canza lambar marubuci zuwa wadda ka gani a wata fassarar Turanci da ke hannunka, domin manazartarsa tana nuni ne ga wani bugu. Maganin da ya fi dacewa shi ne a kawo kitabi da babi tare da lamba, a faɗi a hashiyar farko lambobin wane ne aka bi. A maƙalar ɗalibinmu wannan ya fi zama dole, domin bugunan Tirmizi sukan saɓa a kan hukuncin kansa: hadisi ya zo da "hasan garib" a wani bugu, a wani kuma "hasan sahih garib" ko "garib" kawai. Maƙalar da aka gina a kan wannan lafazi dole ta faɗi bugunta tun a tsakure.

Wani abu kuma game da Maktaba Shamila. Kowa yana amfani da ita, ba laifi. Amma ka duba katin littafin ko an rubuta cewa lambobin shafi sun dace da bugun takarda. Idan ba su dace ba, lambar da marubuci ya ɗauko ta manhajar ce kawai, ba ta cikin kowane littafi a duniya.

Ayoyin Alƙur'ani, in fassara da kaina?

A'a, sai da dalili. Ka zaɓi fassara ɗaya da aka buga, wadda mujallar take karɓa, ka faɗe ta a hashiyar farko, ka tsaya a kanta. Idan hujjar marubuci ta rataya a kan wata ma'ana da wannan fassarar ba ta fito da ita ba, to a nan ne ake gyara lafazin, a rubuta a hashiya cewa an gyara. Idan Hausa kake mayarwa, akwai tarjamar Shaihu Abubakar Mahmud Gumi da cibiyar Sarki Fahad ta nan Madina take bugawa.

Lambar aya ma tana da nata tarko, musamman gare mu da muka tashi da Warshu. Mus'hafin Hafsu yana bin ƙirgen Kufa, aya 6236, inda "Alif lam mim" ta farkon Baƙara aya ce mai zaman kanta. A ƙirgen Madina da mus'hafan Warshu suke bi, ba a ƙirga ta ita kaɗai, kuma Baƙara aya 285 ce maimakon 286. Fassarorin Turanci da aka saba da su ƙirgen Kufa suke bi. Idan marubuci ya ɗauko lamba daga mus'hafin da ya zo da shi daga gida, sai a daidaita ta da fassarar da aka zaɓa.

Marubucin ya kawo maganar wani Bature daga fassarar Larabci. In mayar da ita Turanci da kaina?

Kada ka yi. A ce ya kawo maganar Shakt, wani Bature mai nazarin Musulunci, daga littafinsa na 1950 a kan asalin fiƙihu, ta hanyar fassarar Larabci. Idan ka mayar da ita Turanci ka sa mata alamar zancen wani, ka jingina wa mutumin lafazin da bai taɓa rubutawa ba, alhali littafin da Turanci yake, kowa zai iya dubawa. Ka nemo asalin, ka kwafo jimlar yadda take, ka sa shafin bugun Turanci. Wani lokaci za ka tarar fassarar Larabcin ta zafafa maganar ko ta sassauta ta, har raddin da marubuci ya yi bai zauna a kan asalin ba. Wannan labari ne da marubuci yake bukatar ji kafin mai tantancewa ya gaya masa. Idan asalin bai samu ba, a cire alamar zance, a kawo ma'ana, a jingina ta ga fassarar Larabcin da aka karanta.

Sunayen ma haka ake bin su. Larabci ba ya nuna wasula, don haka sunan Bature da aka rubuta da Larabci ba a iya maido shi da kunne. A nemo yadda mai sunan yake rubutawa: `Schacht`, `Goldziher`, `Piaget`. Namu sunayen ma suna shan wannan wahala. Sakkwato da Larabci idan aka bi haruffa ba za ta dawo `Sokoto` ba. Marubuci mai rai kuma, a rubuta sunansa yadda yake a maƙalunsa na baya ko a shafinsa na ORCID, ko da ya saɓa wa tsarin raumana, don kada ayyukansa su rabu gida biyu a rumbun nema.

Akwai kishiyar wannan, wato maganar Ibnu Hajar da Larabci wadda kai ne ka fara mayar da ita Turanci. APA yana ɗaukar fassarar da mutum ya yi da kansa a matsayin kawo ma'ana, don haka ba a sa mata alamar zance, amma ana sa shafi. Tsarin Chicago yana yarda a sa alamar, a bayyana cewa fassarar ta mai rubutu ce. Mujallun nazarin Musulunci sun fi karkata ga na biyu.

Keɓaɓɓun kalmomin hadisi, yaushe ake fassarawa, yaushe ake bari?

Ƙa'idar da nake bi ita ce wannan. Idan ma'anar kalmar a fanni ta rabu da ma'anarta ta ƙamus, ko kuma malaman fannin sun saɓa a kanta, a bar ta da Larabci cikin boko, a yi mata bayani sau ɗaya a wurin da ta fara zuwa, daga nan a riƙa maimaita ta ba canji. Adon da ake koya mana a insha'i, na sauya kalma don gudun maimaici, a nan illa ne, domin mai karatu zai ɗauka abu biyu ake nufi.

Maƙalar ɗalibinmu ta tsaya a kan "hasan". Ƙamus zai ce kyakkyawa. Littattafan musɗalahi na baya za su ce hadisin da mai riwayarsa adali ne amma kiyayewarsa ba ta kai ta mai sahihi ba. Shi kuwa Tirmizi, wanda ya rasu a 279, ya faɗi abin da yake nufi a ƙarshen littafinsa: babu wanda ake tuhuma da ƙarya a isnadin, hadisin ba shazzi ba ne, kuma an ruwaito shi ta wata hanyar. To ga matsalar da maƙalar take bincike: yaya hadisi zai zama an ruwaito shi ta hanya fiye da ɗaya, kuma a ce masa garib, wato wanda wani ya kaɗaita da shi? Idan mai fassara ya mayar da lafazin "kyakkyawa, baƙo" da Turanci, tambayar binciken ta mutu tun a take. Idan kuma ya sa bayanin malaman baya a bakin Tirmizi, ya yanke hukuncin da marubuci yake ƙoƙarin tattaunawa.

Lafuzan jarhi da ta'adili sun fi wannan santsi, domin nauyinsu ya danganta da mai faɗa. "Laisa bihi ba'as" a zahiri yabo ne mai sanyi, amma Yahaya bin Ma'in ya bayyana cewa idan ya faɗe shi yana nufin mutumin siƙa ne. "Fihi nazar" a zahiri kamar a ce a ƙara dubawa ne, amma a bakin Buhari malamai da yawa sun ɗauke shi suka mai nauyi. A bar lafazin, a sa bayanin a hashiya, a faɗi na wane ne.

Sai kalmomin da suke yawo tsakanin fannoni. "Illa" a hadisi ɓoyayyen aibi ne, a usulu dalilin da aka rataya hukunci a kansa, a sarfu haruffa ne masu rauni, a asibiti ciwo. "Ƙiyasi" a usulu auna sabon abu ne da wanda nassi ya zo a kansa, a tsangayar tarbiyya kuwa aunawa ce da alƙaluma. "Tahaƙiƙi" a bangon littafi fitar da rubutun hannu ne bayan gwama kwafe-kwafensa, amma na sha ganin an mayar da shi `investigation`, sai ka ce 'yan sanda ne suka kama littafin. A manazarta `edited by` ne, a take kuma `critical edition`. "Tahariji" shi ma kan fito `graduation`, kalmar yaye ɗalibai.

Mu 'yan tarbiyya da muke aiki da takardar tambayoyi fa?

Naku ya fi sauƙi ta wani gefe, domin kalmominku daga Turanci aka ɗauko su zuwa Larabci, aikinku mayar da su gida ne. Kowace tana da abokiya guda tabbatacciya, ba a yin ijtihadi. "Sidƙu" na kayan awo `validity` ne, "sabat" `reliability` ne, "mujtama'ud dirasa" `population` ne, ba al'umma ba. "Dallun ihsa'iyyan" `statistically significant` ne, kuma ba ya nufin bambancin yana da girma ko muhimmanci, yana nufin da wuya a ga irinsa idan babu bambanci a haƙiƙa. Saboda haka kada ka yi amfani da `significant` a wurin da marubuci ya ce "muhimmi" kawai. A jadawali kuma ka duba waƙafin da Larabci yake raba ɓangaren lamba da shi, 0,05 ta koma 0.05.

Na ga kuskure a maƙalar. In gyara shiru?

Kada ka gyara shiru, kada kuma ka wuce shiru. Ka buɗe takarda ta tambayoyi, kowace da shafinta: "Akaramakallahu, a shafi na tara an ce hadisai goma sha takwas, a jadawali na ƙirga goma sha bakwai, wanne za a bi?" Marubuci ne mai yanke hukunci. Idan maƙalar an riga an buga ta da Larabci kuma marubucin ba ya samuwa, a bar rubutunsa yadda yake, a sa hashiyar mai fassara da alamar da take raba ta da hashiyoyin marubuci, don kada lambobinsu su goce.

Ƙarfin magana ma amana ne. "Wa la'alla", "waz zahir", "wal aƙrab" duk sassauci ne da marubuci ya zaɓa, kada su koma yankewa. "Ƙila" da "ruwiya" a bakin malaman hadisi sukan nuna rauni, ba daidai suke da "ƙala" ba.

An riga an buga ta da Larabci. Ya halatta a buga fassarar a wata mujalla?

Ya halatta da sharuɗɗa. Editocin mujallun biyu su sani kuma su yarda, fassarar ta faɗa a shafin farko cewa fassara ce, ta kawo cikakkiyar madogarar asalin. Tura ta a matsayin sabon bincike buga abu ɗaya ne sau biyu, kuma ana janye maƙala a kan haka. Sannan a duba wa yake da haƙƙin mallaka, domin sau da yawa marubuci ya sa hannu ya miƙa wa mujallar farko. Lasisin CC BY yana ba da damar fassara muddin an jingina aikin ga mai shi, wanda yake ɗauke da ND kuwa ba ya ba da damar yaɗa fassara sai da izini. Sunan mai fassara yana zuwa a godiya ko a hashiyar farko, ba a jerin marubuta ba.

Kafin in tura, me zan duba?

Ka yi zagaye uku, kowanne da abu ɗaya. A na farko lambobi kawai: asali a dama, fassara a hagu, yatsa a kan kowace shekara da juzu'i da shafi da lambar hadisi, ka tabbatar adadin hashiyoyi ya zo ɗaya a ɓangarorin biyu. A na biyu ka ɗauki takardar kalmominka, ka nemi kowace kalma a cikin fayil ɗin, ka ga ko ta zo da siffa guda, har da ɗigon ƙasan harafi da layin samansa. A na uku ka gwama jiki da manazarta: duk sunan da aka ambata a jiki yana jerin, duk wanda yake jerin an ambace shi a jiki, da rubutu iri ɗaya.

Daga nan ka zaɓi madogara goma ba tare da tsari ba, ka ba wani ɗan'uwa da bai ga Larabcin ba, ya je ɗakin karatun jami'a ko na Masallacin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya nemo su da abin da ka rubuta kawai. Idan ɗaya ta ɓace masa, ka koma ka bi sauran duka, domin kuskuren da ya shiga ta juyawar lamba ko bambancin bugu yakan maimaitu a duk madogarar da aka ɗauko daga wannan littafin.